Littafin mai neman aiki: abin da za a rubuta kowace yamma

Jama'a, da yawa daga cikinku da ke zuwa ofishin kariya kan maganar aiki suna cewa sun kai takardu wurare da dama, amma shiru. Idan aka tambayi ranar da aka kai, ko wanda ya karɓa, ko lambar wayar da aka bari, sai a ce an manta. Ba abin mamaki ba ne, domin kwanakin sansani suna kama da juna, ga layin rabon abinci, ga ɗiban ruwa, ga jinyar yara. Shi ya sa a wannan fitowar muka kawo bayanin wata hanya mai sauƙi: littafin rubutu ɗaya, wanda a nan Nijar ake kira kaye, da biro, da minti goma kowace rana tsakanin la'asar da magariba, tun da sauran haske.

A wannan zaman mutum zai yi wa kansa tambaya uku. Ina na nemi aiki yau? Wa ya kamata in koma wa gobe? Me na gwada da hannuna ko da bakina? Ta biyun ce ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi sakaci da ita.

A raba kayen gida biyu. Daga farko ake rubuta wuraren da aka nema, kowane wuri da rabin shafinsa, don a sami filin ƙara bayani daga baya. Daga ƙarshen littafin kuma ake rubuta gwajin sana'a, layi ɗaya kowace rana. A ƙarƙashin kowane wuri a sa ranar da aka je, da irin aikin, da muƙamin wanda ya karɓi takarda ko aka yi magana da shi, da takardun da aka bayar, da lambar wayar da aka bari. Daga nan sai ranar komawa, a zagaye ta da biro yadda ido zai faɗa kanta da an buɗe shafin. Kada a rufe littafi alhali akwai wurin da ba shi da ranar komawa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Littafin nasa ne, ba wanda zai duba masa kyan rubutu.

Mu ɗauki misalin wani magini da ya ƙetaro daga Zamfara, yana zaune a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tsugunar da 'yan gudun hijira a jihar Maraɗi, kamar Cadakori ko Garin Kaka. Ya yi aji uku na sakandare. Ranar Litinin 3 ga wata ya ga sanarwa a allon ofis cewa wata ƙungiyar lafiya tana neman masu wayar da kan jama'a, kuma za a rufe karɓar takardu ranar Juma'a 14. Ya kai dosiyensa a ranar. Da yamma ya rubuta cewa ya ba da takardar neman aiki, da fotokofin shaidar gudun hijira, da fotokofin sakamakon makaranta, kuma mai gadi ne ya karɓa ya jefa a akwati.

Wace rana zai zagaye? Ba gobe ba, ba jibi ba. Ƙungiyoyi ba su saba tantance takardu kafin ranar rufewa ba, don haka zarya kafin 14 ga wata asarar kuɗin mashin ce kawai. Abin da zai iya yi kafin nan shi ne komawa sau ɗaya, ranar Alhamis 6, ya tabbatar an shigar da sunansa cikin rajistar waɗanda suka kawo takarda, tunda a hannun mai gadi ya bari. Bayan haka sai ya ƙirga kamar kwana goma daga ranar rufewa, ya zagaye Litinin 24. Ya guji sa ranar komawa ofis ta faɗo Juma'a, domin ofisoshi da yawa suna tashi da wuri. Ya kuma sa a karanta masa layin ƙarshe na sanarwar, tunda da Faransanci take. Sau da yawa a nan ake rubuta cewa waɗanda aka zaɓa ne kaɗai za a kira. In haka ne, ranar 24 allon sanarwa zai je ya duba ko an manna sunaye, ba sai ya nemi ganin shugaba ba.

Ranar Laraba 5 kuma ya haɗu da wani ɗan kwangila da zai gina ajujuwa biyu. Wannan ba takarda, magana ce ta baki: "Ka neme ni idan siminti ya iso." Irin wannan alkawarin shi ya fi ɓacewa, domin ba shi da rana. Wanda ya zauna jiran labarin siminti zai ji ne bayan an cika ma'aikata. Sai maginin ya tambaya, "Ranka ya daɗe, yaushe ake sa ran motar?" Aka ce mako mai zuwa. Ya rubuta maganar yadda aka faɗe ta, ya zagaye Asabar 8, wato kafin makon ya shiga. Ƙa'idar ke nan: aikin ofis ana ba shi lokaci, aikin hannu ana riga shi zuwa. Tela ko mai gidan burodi ko mai gona da ya ce a dawo, kada a wuce kwana uku ko huɗu ba a leƙa ba, domin wanda ya gani a gabansa ranar da buƙata ta taso shi zai ɗauka.

Ranar Asabar ya je, siminti bai iso ba, amma sun yi maganar kuɗi. A nan sai an kula. A Nijar da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya ce zai biya "ɗari biyar" a wuni yana nufin sefa 2,500, kuma ɗari biyu ita ce jaka ɗaya, wato sefa 1,000. Wanda ya saba da naira yana iya ruɗewa. A rubuta adadin yadda yake a jikin takardar kuɗi, da ko a wuni ne ko a mako, da ranar biya. Idan aka fara aiki, a riƙa sa alama kowace ranar da aka yi. In rigima ta taso kan haƙƙi, ma'aikacin kariya zai fi samun abin kamawa idan akwai ranaku da adadi a rubuce.

Lambar waya ma tana da nata shafin matsalar. Wasu suna rubuta tsohuwar lambarsu ta Najeriya a kan takarda saboda ita suka haddace, alhali layin ba ya shiga a inda suke. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce, kuma ita za a bari. Wanda ya ba da lambar maƙwabci ko ta ɗan'uwa ya rubuta hakan, ya kuma gaya wa mai wayar ranakun da ake sa ran kira, don kada su zo wayar tana wurin caji ko mai ita ya tafi kasuwa da ita. Mai kiran mutane jarrabawa yana da jerin sunaye a gabansa, ba lallai ne ya sake gwada lambar da ba ta shiga ba.

Sau nawa ake komawa? A ganina sau biyu ya isa, na uku kuma sai in an ce a dawo. Kowane zuwa a rubuta amsar da aka samu, sannan a sa sabuwar rana, ko a ja layi a rufe shafin. Rufewar tana da amfani, domin shafin da aka bari a buɗe yana sa mutum ya zauna jiran abin da ya riga ya wuce.

Sai ƙarshen littafin, wurin gwaji. "Na koyi Faransanci" ba rubutu ba ne, domin ba ya nuna ko an ci gaba. A rubuta abin da za a iya ƙirgawa. Maginin namu ya gano cewa a gida da ƙafa da inci yake awo, a nan kuwa da mita da santimita ake yi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka bulon da ya sani da mai inci 6 daidai yake da kusan santimita 15, ƙafa 10 kuma mita 3 ce da ɗan ɗoriya. Ya ari tef ɗin awo, kullum ya auna abu biyar, ƙofa, taga, bango, ya fara faɗin tsawon da ka kafin ya duba. Ranar farko ya rubuta ya dace a ɗaya cikin biyar, bayan mako guda ya rubuta huɗu cikin biyar. Saboda aikin ƙungiyar lafiya kuma ya riƙa gwada ƙirgan Faransanci da wani yaro ɗan makaranta. Ya lura daga 70 zuwa 99 yake tuntuɓe, domin su 70 sittin da goma suke cewa, 80 kuma ashirin huɗu. Ganin kuskuren yana maimaituwa a layi bayan layi ne ya nuna masa inda zai sa ƙarfinsa. Tela za ta iya rubuta mintin da ta ɗauka wajen sa zif, ko hannun riga nawa ta haɗa ba tare da warwarewa ba, ko da a kan ƙyallen da aka zubar ne.

Ƙarshen wata a zauna a karanta littafin daga farko. Idan an kai takarda wurare da yawa ba kira ko ɗaya, a fara duba lambar waya, sannan a gwada abin da sanarwa ta nema da abin da aka bayar. Wata sanarwar tana neman katin hukumar samar da aikin yi ta Nijar, wato ANPE, kuma dosiyen da bai cika ba akan ajiye shi gefe. A duba kuma ko wa'adin shaidar gudun hijirar bai ƙare ba. Idan kuwa ana kira amma a jarrabawa ko gwajin hannu ake faɗuwa, to gyaran yana shafukan ƙarshe. Wani lokacin komai daidai yake, guraben ne suka yi kaɗan ga masu nema, kuma littafi ba ya ƙirƙiro gurbi. Abin da zai nuna shi ne inda kuɗin mota da fotokofi ke tafiya a banza, don a karkatar da su wurin da aka taɓa samun amsa.

Abu biyu daga ofishin kariya. Kada a bar wa kowa takarda ta asali, fotokofi ake bayarwa, ta asalin a nuna a karɓe a nan take. Kada kuma a kwafe lambar rajistar iyali a cikin kayen, domin littafi yana ɓata. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko wani kaso na albashi, ko ya nemi mace da lalata don ya sa suna a jerin ma'aikata, a rubuta ranar da wurin da abin da ya faɗa, a kawo ofishin kariya. Ayyukan HCR da ƙungiyoyin da ke aiki tare da ita kyauta ne. Za a saurari mai ƙorafi cikin sirri, kuma wadda ta fi son yin magana da mace ta faɗi haka tun daga ƙofa.