Tarihin Marubuci a Bayan Littafi: Yadda Ake Sassauta Shi Ƙima Ba Ta Zube Ba

Duk wanda ya saba juya bayan littattafan Hausa ya san yadda taƙaitaccen tarihin marubuci yake zuwa. Ga irinsa, da sunan da ba na kowa ba:

"An haifi Malama Wance a Zariya a 1988. Ta yi firamare daga 1994 zuwa 2000, ta wuce sakandare, sannan ta samu takardar shaidar malanta ta ƙasa. Ta halarci tarurrukan ƙara wa juna sani da dama. Haziƙar marubuciya ce da ta yi fice. Tana da aure da 'ya'ya huɗu."

Babu ƙarya a ciki, amma an tsara shi ne kamar takardar neman aikin gwamnati. Mai karatun da ya ɗauki littafin a Kasuwar Sabon Gari yana son ya san abu biyu: wace ce wannan mai ba ni labari, kuma me ya sa zan yarda ta san abin da take faɗa? Shekarar gama firamare ba ta amsa masa ko ɗaya.

Gyaran yana farawa ne da tankaɗe. A ware abin da wani zai iya bincika ya tabbatar: sunan littafi, shekarar da ya fito, aikin da take yi, garin da take zaune. Waɗannan ne ke riƙe da ƙimarta, ba a taɓa su. Sauran kuwa, irin su "haziƙa", "ta yi fice" da "tarurruka da dama", babu mai iya gaskata su ko ƙaryata su, don haka ba su ƙara mata nauyi. Daga nan sai a juya tsarin. Maimakon a faro daga haihuwa ana saukowa, a faro da abin da take yi yau:

"Ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, kuma yawancin labaraina a bakin ɗalibaina nake jin tushensu. Littafina na farko ya fito a 2015, a kan yarinyar da aka cire daga makaranta saura wata uku ta yi jarrabawar fita. Na biyu ya biyo baya a 2019. Yanzu ina kan na uku, labarin mata masu sana'ar kitso."

A na gaske za ta sa sunayen littattafan, kuma tilas ne ta sa. A lura cewa takardar malantar ba ta ɓace ba, ta koma "ina koyar da Hausa", wanda ya fi ta faɗin gaskiyar lamarin. Koyarwar kuma ta sami dalilin zama a wurin, domin ita ce ta nuna inda marubuciyar ta san rayuwar 'yan matan da take rubutu a kansu. Shi ke nan abin da ake nufi da sassauci: jimla ta fito yadda za ta faɗa wa baƙuwar da ta tambaye ta sana'arta a gidan biki.

Akwai abin da ke hana marubutanmu yin haka, kuma ina ganin mutuncinsa: kunya. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa mutum ke fakewa bayan "an haife shi". Sai dai a duba misalan biyu da kyau. Na farkon ne ke yabon kai, tunda shi ya ce "haziƙa". Na biyun bai yabi kowa ba, aiki kawai ya lissafa. Wadda har yanzu "ni" ke yi mata nauyi tana iya mayar da shi "tana koyar da Hausa", sassaucin bai ragu ba. Hasali ma wannan sigar ce ta dace da taro, inda mai gabatarwa zai karanta da bakinsa, don haka yana da kyau a ajiye duka biyun.

Inda ake yawan zamewa shi ne wuce gona da iri. Wata za ta share shekaru da sunayen littattafai kakaf, ta bar "ni dai rubutu a jinina yake". Edita ko mai shirya fim da ke neman marubucin labari ba zai samu abin kamawa a nan ba. Haka batun lambar yabo. Idan labarinki ya zo na uku a Hikayata, gasar da Sashen Hausa na BBC ya fara wa mata a 2016, ki ce na uku, ki faɗi shekarar. "Ta lashe gasanni da dama" yana sa mai hankali ya tambaya, waɗanne?

Kalma sittin zuwa tamanin ta isa bayan littafi. Kafin ki tura wa maɗaba'a, ki karanta shi a bayyane ga wadda ta san ki. Duk jimlar da ta ce ba haka kike magana ba, ki sake ta. Sannan ki ba wadda ba ta san ki ba, ki tambaye ta me kike rubutawa, littafi nawa kika fitar, kuma yaushe. In ta kasa amsawa, an yi sassaucin da ya kwashe hujja, sai ki mayar da shekarun da sunayen.