Idan kasuwa ta karye, wa zai biya bashin?

Duk shekara, idan jarrabawar zangon farko ta ƙarato, za ka ga ɗaliban sashen kasuwanci suna haddace amfani da illar kowane nau'in kasuwanci, biyar nan biyar can. Haddar ba laifi ba ce, sai dai da zarar malami ya juya tambayar ta zama labarin wani ɗan kasuwa da bashi ya yi wa katutu, sai ta watse. Akwai tambaya ɗaya da ta fi riƙe darasin: idan kasuwa ta karye, aljihun wa masu bin bashi za su taɓa?

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano. Ana bin shagonsa bashin naira miliyan 10, kayan da suka rage a ciki kuwa ba su wuce na miliyan 4 ba. Saura miliyan 6 ke nan ba su da mabiya. Za mu bi wannan giɓi mu ga inda yake faɗawa a kowane tsari.

Idan shagon nasa ne shi kaɗai, maganar gajera ce. Shi ya zuba jari, shi ke yanke shawara, riba tasa ce, kuma a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne. Masu bashi za su iya kai shi kotu, a sayar da motarsa ko filinsa har miliyan 6 ɗin ta cika. Wannan shi ake nufi da alhaki marar iyaka. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: suna zaton idan mutum ya je Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya yi wa sunan shagonsa rajista, ya zama kamfani. Bai zama ba. Suna kawai ya yi wa rajista, bashin yana nan a wuyansa. Ranar da ya rasu kuma, kasuwancin ya ƙare a doka. Abin da ya rage dukiyar gado ce, ko da 'ya'yansa sun ci gaba da buɗe ƙofar.

Yanzu a ce su biyu ne suka haɗa gwiwa, ɗaya ya kawo miliyan 3, ɗayan miliyan 1. Jari ya ƙaru, an sami mai tsare shago idan ɗaya ya yi tafiya saro kaya. Amma kowannensu ya zama wakilin ɗan'uwansa. Idan mai ƙaramin jarin ya karɓo dila goma bashi da sunan shagon, kamar yadda aka saba a irin wannan ciniki, bashin ya hau kansu duka, ko da abokinsa bai san an yi ba. Haɗin gwiwa irin na asali ba shi da wata garkuwa: miliyan 6 ɗin tana kansu, kuma idan aka tarar ɗaya ba shi da ko sisi, mai gida da mota shi zai ji a jikinsa. Ya biya tukuna, daga baya ya bi abokinsa.

Akwai wani tarko da malamai ke son ɗanawa a nan. Idan su biyun ba su yi wata yarjejeniya a kan rabon riba ba, kuma shekara ta kawo ribar miliyan 2, nawa kowa zai samu? Hankali zai ce a raba gwargwadon jari. Ƙa'idar dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda ake koyarwa a makarantunmu, ta ce a raba daidai: kowa miliyan 1. Haka kuma, in ba a amince da akasin haka ba, mutuwar ɗaya tana rushe haɗin. Shi ya sa takardar yarjejeniya ta fi "ai mun yarda da juna" tsada. A Najeriya adadin abokan irin wannan haɗi ba ya wuce 20, sai ga wasu ma'abota sana'a kamar lauyoyi da akantoci.

Kamfani kuwa wata halitta ce daban. Da zarar an ba shi takardar shaidar kafuwa, doka tana ɗaukarsa tamkar mutum mai cin gashin kansa: yana mallakar dukiya da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'ida ita ce ta Aron Salomon, wani mai sana'ar takalman fata a Landan. A 1892 ya mayar da kasuwancinsa kamfani mai masu hannun jari bakwai: shi, da matarsa, da 'ya'yansa biyar. Cikin hannun jari 20,007, nasa 20,001 ne. Da kamfanin ya durƙushe, aka ce ai wannan wasan yara ne, kamfanin Salomon ne kawai ya sake riga, don haka ya biya daga aljihunsa. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ce a'a: tunda an kafa kamfanin bisa doka, shi daban, Salomon daban. A littattafai za ku ga shari'ar ɗauke da shekarar 1897.

Mu koma Kwari. A ce mai atamfarmu ya karɓi hannun jarin naira miliyan 1 a kamfaninsa, ya biya 700,000. Idan aka zo rufe kamfanin, abin da za a nema a wurinsa shi ne ragowar 300,000 kawai. Sauran giɓin asarar masu bashi ce. Ku lura da kyau, domin nan ma ana zubar da maki: alhakin mai hannun jari ne yake da iyaka, ba na kamfanin ba. Shi kamfani sai an karkaɗe duk abin da ya mallaka.

Garkuwar tana da farashi. Akwai kuɗin rajista, da ajiye littattafan lissafi, da miƙa rahoton shekara-shekara ga hukuma, kuma kuɗin kamfani ba na darakta ba ne da zai zari na cefane yadda ya ga dama. Sannan tana huduwa. Idan an yi amfani da kamfani don damfarar mutane, kotu tana iya yaye labulen ta kama masu shi. Bankuna ma sun san dawar garin: kafin su ba ƙaramin kamfani rance, sukan sa darakta ya tsaya wa bashin da kansa. Ya sa hannu, gidansa ya dawo cikin magana.

Abu na ƙarshe, ku duba shekarar littafin da kuke karantawa. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta sauya amsoshi da dama. Da, sai mutum biyu ke kafa kamfani. Yanzu mutum ɗaya yana iya kafa kamfani mai zaman kansa. Irin wannan kamfani, mai ɗauke da Ltd a ƙarshen sunansa, mambobinsa ba sa wuce 50, ba ya tallar hannun jari ga jama'a, kuma mafi ƙarancin jarinsa naira 100,000 ne. Na jama'a, mai ɗauke da Plc, nasa miliyan 2 ne. Dokar ta kuma shigo da haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki a matakin tarayya, don haka cewa duk haɗin gwiwa ba shi da garkuwa ya zama tsohon zance.

Idan takarda ta zo gabanku da labarin ɗan kasuwa, kafin ku fara rubutu ku ja layi ƙarƙashin abu biyu: wace irin rajista ya yi, kuma da sunan wa aka ci bashin.