Roƙo da buri da "wai" a harshen Jamusanci

Jamusanci yana da wata sigar aikatau da ake kira Konjunktiv, wadda mai magana ke amfani da ita idan abin da zai faɗa bai tabbata ba, ko kuma maganar ba tasa ba ce. Iri biyu ce: Konjunktiv I da Konjunktiv II. Ta biyun aka fi ji a bakin mutane, don haka da ita ya kamata mai koyo ya fara.

Ana gina Konjunktiv II ne daga sigar shuɗaɗɗen lokaci, a ɗora ɗigo biyu a kan wasalin: hatte ya koma hätte, war ya koma wäre, konnte ya koma könnte. Sauran aikatau galibi ba a wahalar da kai da su, sai a sa würde tare da aikatau ɗin. Da wannan siga ake roƙo cikin ladabi. Wanda ya shiga shago ya ce "Ich will Brot", wato ina son burodi, ya yi gatsau. Abin da aka saba ji shi ne "Ich hätte gern Brot". Haka nan mai neman taimako zai ce "Könnten Sie mir helfen?", ma'ana ko za a taimaka mini. Ɗigon nan biyu ba ado ba ne. Idan aka yar da su aka ce "Konnten Sie mir helfen?", roƙon ya tashi, an koma tambayar mutum ko ya iya taimakawa a baya.

Sigar dai ita ke ɗaukar burin da bai samu ba, inda Bahaushe zai ce "da ma". "Wenn ich doch Geld hätte!" na nufin da ma ina da kuɗi, kuma mai sauraro ya san babu su.

Konjunktiv I kuwa aikin 'yan jarida ce, kusan daidai da "wai" ta Hausa. Idan aka rubuta "Der Minister sagte, er sei krank", an kawo cewa ministan ya ce ba shi da lafiya, amma marubucin bai gaskata ba, bai ƙaryata ba. Kalmar sei ce ta yi wannan aiki a madadin ist. Haka er hat ke zama er habe, er kommt ya zama er komme.

Matsala tana tasowa a jam'i, domin sie haben ba ta sauya kama a wannan siga, mai karatu ba zai gane an ruwaito magana ba. A nan sai a ari ta biyun a rubuta "sie hätten". A hirar yau da kullum kuwa ba kasafai ake jin Konjunktiv I ba. Yawanci sai a ce "Er sagt, er ist krank".