Ribar baki da ribar rasit

Makon jiya na leƙa shagon wani ƙanena mai sayar da kayan masarufi, na tarar yana bugun ƙirji wai ribar kashi 25 cikin ɗari yake ci a taliya. Na ce ya ɗauko rasit ɗin sari. Da ƙyar muka zaƙulo shi a ƙarƙashin jarkar man gyaɗa, duk ya sha maiƙo. Haba jama'a, takardar da ke riƙe da asirin kasuwancinka ita ce za ka mayar tsumma?

Rasit ya nuna katan 10, kowanne naira 16,000, kuma ƙwaya 20 ce a katan. Ƙwaya ɗaya ta kama naira 800 ke nan, shi kuma yana sayarwa 1,000. Ashe 200 ɗin da ya ɗora ya raba da kuɗin saye, ya sami kashi 25. Wannan ƙari ne a kan uwar kuɗi. Amma idan ana tambayar nawa ne naka a cikin kuɗin da ya shiga aljihun teburi, da farashin sayarwa ake rabawa: 200 cikin 1,000, kashi 20 kawai.

Wani zai ce ai duk 200 ce. To, wanda ya yarda yana da kashi 25, ranar da ya yi wa mai saye rangwamen kashi 20 zai ɗauka ya rage wa kansa kashi 5, alhali a 800 ya sayar, ko sisi bai ci ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin mota da na dako. Naira 4,000 ya kashe kafin kayan su iso shago, bai rubuta a ko'ina ba. Da muka haɗa, kayan sun tsaya masa a 164,000. Na ce, "Kai, in ka biya ɗan dako, ka rubuta a bayan rasit ɗin nan take, kafin ka sha ruwa." Idan kaya iri-iri ne a mota ɗaya, a raba musu kuɗin gwargwadon yawansu ko nauyinsu.

Sai muka buɗe littafin ciniki. Ƙwaya 150 ya sayar a 1,000, sauran 50 wata mai abinci ta kwashe a 900. Jimilla 195,000. A cire 164,000, saura 31,000, wato kusan kashi 16 na ciniki, tun ba a taɓa kuɗin haya da na wuta ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce mu duba sabulu. Rasit ɗin sabulun kuwa, tuni yaron shago ya ƙunshe wa wani sukari a ciki.