Saran Fartanya da Ciwon Sarƙe-Haƙora

Bari mu ɗauki misalin manomin da fartanya ta sara a ƙafa cikin gonar da aka zuba wa taki. Bai zo asibiti ba sai bayan kwana biyu, kuma bai san ko an taɓa yi masa rigakafin sarƙe-haƙora, wato tatanas, ba. Da farko a wanke raunin, a yanke mataccen nama, a bar shi buɗe, domin ƙwayar cutar ba ta hayayyafa inda iska take shiga.

Sa'an nan a yi masa allura biyu a gaɓoɓi dabam-dabam. Ta rigakafi takan ɗauki makonni kafin ta yi aiki, saboda haka ake haɗawa da imunogulobulin, wato kariyar da aka tace daga jinin mutane, ma'auni 500 tun da ya makara, maimakon 250. Da ya taɓa karɓar rigakafi sau uku, da bai bukaci imunogulobulin ba, sai ƙarin rigakafi in an shige shekara 5.

Idan kuwa muƙamuƙi ya riga ya ƙage, imunogulobulin ba ya warware dafin da ya shiga jijiya. Sai a kwantar da shi ɗaki mai duhu, marar hayaniya, a ba shi diyazefam da metironidazol, a tsare numfashinsa. In ya tashi a cika masa rigakafi, gama ciwon ba ya barin kariya.