Dalilin da Ya Sa Bishiyar Rumbun Bayanai Ba Ta Tsawo

Kwamfuta na ɗauko abu daga ƙwaƙwalwarta cikin ƙiftawar ido, amma idan sai ta je faifan ajiya mai juyawa, kowace tafiya na cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Wannan ya ninka wancan sau dubbai. Kuma faifai ba ya ba da bayani ɗai-ɗai, shafi guda yake miƙowa, ko da lamba ɗaya ake nema. A PostgreSQL shafin kilobayit 8 ne, a InnoDB na MySQL kuwa 16. Wanda rijiyarsa ke nesa ai ba ya zuwa ɗebo ruwa da ludayi.

Wannan tunani ne ya haifi bishiyar B, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Boeing a 1970.

A ce wani banki na da asusu miliyan 100. Idan aka jera lambobinsu a bishiya mai rassa biyu, inda kowane mataki ke yar da rabin abin da ya rage, sai an taka mataki kusan 27 kafin a kai ga asusu guda. In kowane mataki tafiya ce zuwa faifai, an haura rubu'in daƙiƙa a kan mutum ɗaya, ga dubban jama'a na jira.

Bishiyar B takan cika kowane shafi da lambobin jagora. Shafin kilobayit 16 na iya ɗaukar gajerun lambobi kamar dubu, kowace na nuna wani shafin a ƙasa. Shafin farko ya nuna shafuka dubu, su kuma su nuna miliyan ɗaya. Idan kowanne daga cikin na ƙarshen na riƙe da asusu ɗari, an tattara miliyan 100 a hawa uku kacal. Hawa biyun farko kuma kusan megabayit 16 ne, don haka a ƙwaƙwalwa suke zaune, sau ɗaya kawai ake taɓa faifai.

Idan shafi ya cika, sai a raba shi biyu, a ƙara lambar jagora a hawan da ke samansa. Bishiyar ba ta ƙara hawa sai shafin farko da kansa ya rabu, shi ya sa kowane asusu nisansa ɗaya da na ɗan'uwansa.

Matsala na tasowa ne wajen zaɓen lambar. Doguwa tana rage yawan da shafi zai ɗauka. Wadda ake fitarwa barkatai kuwa, irin UUID, tana sa sababbin bayanai faɗawa ko'ina, shafuka su riƙa rabuwa suna zama da gurabe. Alamarta ita ce fihirisan da aka gina da bishiyar ya kumbura fiye da kima, shigar da bayanai ya yi nauyi da zarar ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa. A PostgreSQL umarnin `REINDEX` na sake gina shi, sai dai muddin ba a sauya irin lambar ba, kumburin zai dawo.