Bambancin Ruwan Uwa Kaɗai da Ruwa a Kan Ruwa a Ajiyar Banki

Tun daga 1977, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin kai bankuna karkara, ajiyar banki ta fara shiga rayuwar ƙananan ma'aikata, har ta zama abin yau da kullum a garuruwa irin su Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Duk da haka, mafi yawan masu ajiya tambaya ɗaya kawai suke yi a gaban kanta, watau kashi nawa bisa ɗari ake bayarwa. Akwai tambaya ta biyu wadda ba a cika yi ba: a kan wane kuɗi ake lissafa wannan kason? Amsarta ita ce ta raba kuɗin ruwa gida biyu.

Abin da mutum ya ajiye tun farko shi ne uwar kuɗi. Idan a kowace shekara a kan uwar nan kaɗai ake yin lissafi, ba a kula da abin da ta riga ta haifa, wannan shi ne ruwan uwa kaɗai. Idan kuwa ruwan da aka samu bara ana zuba shi cikin uwa, har shi ma ya shiga lissafin bana, to an sami ruwa a kan ruwa. Makiyayi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Wanda yake sayar da 'ya'yan akuyarsa duk haihuwa, kullum akuya ɗaya ce take yi masa aiki. Wanda ya bar 'ya'yan suka girma, wata rana jikoki zai ƙirga.

Alal misali, a ɗauka malamin firamare daga Roni da akawu daga Gwiwa sun zo Kazaure rana ɗaya, kowannensu ya ajiye naira 50,000 na tsawon shekara uku, a kan kashi 8 bisa 100 a shekara. Wannan kaso bai yi nisa da gaskiya ba. A watan Agusta na 2022 Babban Banki ya maido da ƙa'idar cewa ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 bisa 100 na ma'aunin ruwan da shi kansa yake tsayarwa. A ƙarshen 2024 ma'aunin nan ya kai 27.5, don haka mafi ƙarancin ruwan ajiya ya kama 8.25.

Lissafin malamin na ruwan uwa kaɗai ne. Kashi 8 bisa 100 na naira 50,000 shi ne naira 4,000, kuma haka zai samu a shekara ta farko da ta biyu da ta uku, ba ƙari ba ragi. Ruwansa duka naira 12,000 ke nan, ya tashi da naira 62,000.

Na akawun yana bukatar a bi shi daki-daki. A shekara ta farko babu abin da ya raba shi da malamin: naira 4,000 ya samu, kuɗinsa suka zama 54,000. A shekara ta biyu ne hanya ta rabu, domin yanzu a kan 54,000 za a yi lissafi, ruwan ya zama naira 4,320, jimla 58,320. A shekara ta uku kuma kashi 8 bisa 100 na 58,320 ya ba da naira 4,665 da kwabo 60. Akawu ya tashi da naira 62,985 da kwabo 60, watau ya ɗara malamin da naira 985 da kwabo 60.

Ya kamata a tsaya a ga inda wannan rara ta fito, don kada a zaci wata kyauta ce banki ya yi. Naira 4,000 ta shekarar farko ta zauna a asusu shekara biyu, kowace shekara tana haifar naira 320, ta ba da 640. Naira 4,000 da uwa ta haifa a shekara ta biyu ta zauna shekara ɗaya, ta ba da 320. An sami 960. Sauran naira 25 da kwabo 60 kuwa jika ce: ruwa ne a kan waccan naira 320 ta farko, wadda ita kanta ruwan ruwa ce. Wannan 'yar ƙaramar jika ita ce ya fi dacewa ɗalibi ya sa wa ido, domin a shekara uku ba ta kai kuɗin ƙosai ba, amma irinta ce take mamaye lissafi idan zamani ya yi tsawo. Da za a bar ajiyar biyu shekara 20 a kan wannan kaso, malamin zai sami naira 130,000, akawun kuwa kimanin 233,000. Kuɗin malamin sai sun shekara goma sha biyu da rabi kafin su ninka. Na akawun kimanin shekara tara ta ishe su.

A zahiri bankuna da yawa ba sa jiran ƙarshen shekara, wata-wata suke zuba ruwa a asusun ajiya. Suna raba kason shekara gida 12, kuma abin da aka zuba a Janairu yana fara haihuwa tun Fabrairu. Da haka aka yi wa akawun, sau 36 za a haɗa ruwa da uwa maimakon sau uku, ya tashi da kimanin naira 63,512. Kason da aka rubuta a takarda bai canja ba, yawan haɗawar ne ya ƙara masa fiye da naira 500.

Daga nan za a fahimci cewa ba kullum banki ne yake yanke hukunci tsakanin nau'o'in biyu ba. Sau da yawa mai ajiya ne da hannunsa. Idan akawun yana zuwa duk ƙarshen shekara ya cire naira 4,000 don cefanen Salla, ya bar uwa, to ya mai da kansa malamin Roni, ko da takardar banki ta ce ruwa a kan ruwa ake yi masa. Haka nan mai ajiyar ƙayyadadden lokaci, idan wa'adi ya cika ya ce a sabunta uwa kaɗai a ba shi ruwan a hannu. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo: a ƙa'idar Babban Banki, wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ɗaya daga asusun ajiya, ba a wajabta wa banki biyansa ruwan wannan wata ba. Ma'aikacin da ya mai da asusun ajiya aljihunsa na cefane yana iya shekara bai ga ko kwabo ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A karɓi takardar bayanin asusu, a jera ruwan da aka zuba a lokuta masu tsawo ɗaya. Muddin ba a taɓa kuɗin ba, kason kuma bai canja ba, idan adadin yana maimaita kansa to ruwan uwa kaɗai ne; idan yana ɗan hawa kowane karo, ruwa a kan ruwa ne.

Ba a manta ba cewa jama'ar wannan yanki galibinsu Musulmi ne, kuma da yawa suna ƙin karɓar ruwan banki domin riba ce a shari'a, har wasu suka koma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Wannan bai sa lissafin ya zama ba ruwansu ba, domin tsadar kaya ma a kan hanyar ruwa a kan ruwa take tafiya: ƙarin bana a kan farashin bara yake hawa. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 bisa 100. A irin wannan shekara, geron da aka saya naira 50,000 sai ya koma 65,000, alhali ajiyar malamin da ta akawun duk a kan 54,000 suka tsaya. Idan tsadar ta maimaita kanta a shekara mai bi, a kan 65,000 za ta hau, geron ya kai naira 84,500, akawun kuwa yana riƙe da 58,320.